Idan burauza ta tare ka da gargaɗin satifiket: tambayoyi da amsoshi

Shagona na gyaran waya da kwamfuta yana Agege, kuma rabin aikina cike fom ne: rajistar jarrabawa, biyan kuɗin makaranta, neman aiki. Da wuya mako ya fita ba a miƙo mini waya an ce, "Malam, duba mini, ta ƙi buɗewa," in duba in ga farin allo da jan alwatika mai alamar motsin rai a ciki, a ƙasa an rubuta "Your connection is not private". Wasu sun tsorata har sun kashe wayar. Wasu kuma, su ne suka fi damuna, sun gano inda ake dannawa a wuce, suna wucewa ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, amsoshin kuma yadda nake bayarwa a bakin teburi.

Wannan gargaɗin yana nufin an yi wa wayata kutse ne, ko cuta ta shige ta?

A'a. Burauza ta je gaisawa da shafin da ka nema, ta ce ya nuna mata shaidarsa, shaidar ba ta gamsar da ita ba, sai ta tsaya ta dawo ta faɗa maka. A lokacin da kake kallon wannan allon, ba ta aika kalmar sirrinka ba, ba ta aika lambar katinka ba, ba ta ma ɗauko shafin ba. Idan ka danna "Back to safety" ko ka rufe, babu abin da ka rasa. Haɗarin yana farawa ne daga lokacin da ka ce mata ta wuce duk da haka.

Kowace burauza da kalamanta. Chrome na cewa "Your connection is not private", Safari na wayar iPhone na cewa "This Connection Is Not Private", Firefox kuma "Warning: Potential Security Risk Ahead". Duk magana ɗaya ce.

Mene ne satifiket ɗin da ake ta faɗa?

Duk wanda ya taɓa loda albasa ko tumatir daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 ya san ba a miƙa wa baƙon direba kaya haka kawai. Sai an ga katinsa, an ga sunan da ke jiki shi ne sunan da aka faɗa, an ga bai daina aiki ba, sannan a tambaya wa ya tsaya masa a tasha. Satifiket ɗin shafi haka yake. Ƙaramin fayil ne da shafin ke miƙa wa burauza tun kafin a fara magana, kuma abubuwa uku ake dubawa a jikinsa: sunan shafin da aka ba shi dominsa, ranar da ya fara aiki da ranar da zai ƙare, da kuma kamfanin da ya sa hannu ya tsaya masa.

Wayarka da burauzarka suna ɗauke da jerin kamfanonin da aka yarda da sa hannunsu, irin su DigiCert da Sectigo da GlobalSign da Let's Encrypt. Idan suna ya yi daidai, kwanan wata ya yi daidai, mai sa hannun kuma yana cikin jerin, sai a ƙulla hanyar da ke kulle, wadda mai waifai ko kamfanin layi ba sa iya karanta abin da ke bi ta ciki. Wannan ita ce `https` da kake gani a farkon adireshi. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, gargaɗi ke nan.

Abin da mutane suka fi kasa kamawa shi ne cewa kulle hanya kaɗai ba ya wadatarwa. Kana iya kulle saƙonka tsaf a akwati, amma idan ɓarawo ka miƙa wa akwatin kuma mabuɗin nasa ne, kullewar ba ta yi maka komai ba. Satifiket shi ke tabbatar da wanda ke can ɗaya ƙarshen.

Ta yaya zan san wanne daga cikin ukun ne ya gaza?

A ƙarƙashin manyan haruffan akwai wani ɗan layi mai haruffa manya-manya a jere, da launin toka, wanda ido ke tsallakewa. Shi ne ya fi komai amfani a allon. A Chrome waɗannan ukun za ka fi haɗuwa da su:

```
NET::ERR_CERT_DATE_INVALID
NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID
NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID
```

Ba sai ka iya Turanci sosai ba, kalma ɗaya za ka nema a tsakiya. `DATE` matsalar kwanan wata ce: ko satifiket ya ƙare, ko agogonka ya kauce. `COMMON_NAME` matsalar suna ce: ka nemi shafi kaza, an miƙo shaidar wani shafin daban. `AUTHORITY` matsalar mai tsayawa ce: wanda ya sa hannu ba ya cikin jerin da burauzarka ta sani, ko kuma shafin ne ya sa wa kansa hannu. Firefox na da nata sunayen, `SEC_ERROR_EXPIRED_CERTIFICATE` da `SSL_ERROR_BAD_CERT_DOMAIN` da `SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER`, a jere kamar yadda na kawo na sama.

Danna "Advanced" ba wucewa ba ne, ƙarin bayani kawai yake buɗewa, don haka kada ka ji tsoronsa. A nan Chrome za ta gaya maka, misali, kwana nawa ke nan da satifiket ya ƙare, da kuma ranar da agogon na'urarka ke nunawa. Akwai kuma wata dabara da mutane kaɗan suka sani: idan ka taɓa shi kansa ɗan layin mai launin toka, zai buɗe ya nuna "Subject", wato sunan da ke jikin satifiket, da "Issuer", wanda ya sa hannu, da "Expires on", ranar ƙarewa, da "Current date", ranar da wayarka ke ɗauka yau ce. Da waɗannan layuka huɗu nake warware kusan duk wanda aka kawo mini.

Mai son ya saba da ganinsu ba tare da haɗari ba, akwai shafin gwaji da aka gina don haka. Ka buɗe `expired.badssl.com` da `wrong.host.badssl.com` da `self-signed.badssl.com`, za ka ga gargaɗin nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Duk shafin da na buɗe sai ya nuna gargaɗin. Intanet ɗin ce ta lalace?

Idan shafi ɗaya ne ke yi, matsalar ta fi yiwuwa daga shafin take. Idan kuwa uku ko huɗu ne, har da manya irin Google da Wikipedia, to daga wajenka ne, kuma abin farko da za ka duba agogo ne.

Wajen duba satifiket, burauza tana dogara ne da kwanan watan da na'urarka ta gaya mata. Wani yaro mai koyon ɗinki ya sayo laftof na hannu daga Computer Village a Ikeja, ya kawo mini washegari ransa a ɓace, ya ce an cuce shi, ba ya shiga intanet. Na duba kusurwar allon ta ƙasa, kwamfutar na cewa muna cikin watan Janairu na wata shekara da ta wuce da daɗewa. A wajenta, duk satifiket ɗin duniya bai ma fara aiki ba tukuna. Dalili shi ne ɗan batirin da ke kan allon uwar kwamfuta, wanda ke riƙe agogo idan an kashe ta, ya mutu. A kwamfutar teburi ɗan faifai ne mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa; a laftof galibi an naɗe shi da baƙar roba da 'yar waya mai kai biyu. Mun gyara agogon, shafuka suka buɗe nan take, muka canja batirin don kada abin ya dawo duk sanda aka ɗauke wuta kuma babban batiri ya ƙare.

Waya ma na yin haka, musamman wadda ta daɗe a kashe ko aka cire mata batiri. A Android ka shiga "Settings", ka nemi "Date & time", ka kunna saitin da ke ɗauko lokaci da kansa daga layi. Ka tabbata yankin lokaci na Najeriya ne, wato GMT+1. Wani lokaci Chrome da kanta take ganewa, sai ta rubuta "Your clock is behind" ko "Your clock is ahead". Idan ka ga haka, babu wani dogon bincike.

Agogona daidai yake, amma a waifai na otal da na filin jirgi sai ya fito. Me ya sa?

Irin wannan waifai yana da ƙofa. Kafin ya bar ka ka fita intanet, yana so ka sa lambar ɗaki, ko lambar tikitin da ka saya, ko ka amince da sharuɗɗa. To kafin ka yi hakan, duk shafin da ka nema sai na'urar waifai ta tare ta miƙo nata shafin. Ka nemi shafin imel ɗinka, an miƙo shaidar na'urar otal, burauza ta ce suna bai yi daidai ba. Gaskiya ta faɗa, domin a wannan lokacin wani ne ya shiga tsakaninka da inda za ka, ko da ba da mugun nufi ba.

Maganinsa kada ka danna wucewa. Ka buɗe sabon shafi ka rubuta `neverssl.com`, wanda aka gina shi da gangan ba tare da kulle ba, sai ƙofar waifai ta bayyana, ka cike abin da ake so, ka koma inda kake. Makamancin haka na iya faruwa idan datarka ta ƙare kuma layin na ƙoƙarin tura ka shafin sayen wata.

Gwajin da na fi yarda da shi kuwa mai sauƙi ne: kashe waifai, kunna datar layinka, sake buɗe shafin. Idan gargaɗin ya ɓace, matsalar tana cikin wancan waifai ɗin, kuma ni dai ba zan shiga banki ko imel a kansa ba. Sanya wa waifai sunan otal ko na wurin cin abinci ba ya buƙatar komai, duk mai waya zai iya yi daga kujerar da ke kusa da kai.

To yaushe ne zan iya danna "Proceed"?

A nan maganar take, kuma ba na amsa ta sai na mayar da tambaya: me za ka yi a shafin idan ka shiga?

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta zo da yamma, ranar Alhamis, za ta biya wa ɗanta kuɗin zangon karatu a shafin wata makaranta da ke Arewa, kuma an ce Litinin za a rufe. Na buɗe, gargaɗi ya fito. Ɗan layin ya ce `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`. Na duba agogon kwamfutata, daidai. Na buɗe wasu shafuka biyu, lafiya lau. Na gwada a wayata da data, gargaɗin dai shi ne, don haka ba daga waifai na shago ba ne. Sai na taɓa ɗan layin. "Subject" sunan shafin makarantar ne harafi da harafi, "Issuer" na Let's Encrypt ne, "Expires on" kuma kwana uku da suka wuce.

Wannan hoton na san shi sarai. Satifiket ɗin Let's Encrypt kyauta ne, kwana 90 yake yi, kuma an tsara shi ya riƙa sabunta kansa. Idan abin sabuntawar ya tsaya kuma babu mai lura, ranar da ya cika sai kowa ya ga gargaɗi. Kusan tabbas sakaci ne na mai kula da shafin.

Hajiya ta ce, "To Malam, tunda ka gane sakaci ne, ka wuce mana mu biya, ka ga daga nesa na zo."

Na ce, "Hajiya, karanta sanarwa zan iya wucewa in yi. Sa lambar katinki ne ba zan yi ba."

Na buɗe taga ta sirri, wadda Chrome ke kira "Incognito", na wuce gargaɗin a can, muka karanta sanarwar da ke shafin farko, muka tabbatar da ranar rufewa da adadin kuɗin, na rufe tagar. Ba mu rubuta komai ba. Ɗanta ya kira ofishin makarantar da lambar da ke jikin takardarsa ta shiga, ya gaya musu. Ranar Asabar ta dawo, shafin ya buɗe babu gargaɗi, muka biya.

Me ya hana ni biya ranar Alhamis, alhali ina ganin sakaci ne? Domin "kusan tabbas" nake da shi, kuma burauza ta riga ta cire hannunta. Satifiket da ya ƙare yana ci gaba da kulle hanya, amma kamfanin da ya bayar ya daina tsaya masa. Idan an taɓa sace mabuɗinsa, babu wanda ke da alhakin ci gaba da shelanta cewa an soke shi. Jiran kwana biyu kuɗin mota kawai ya ci wa Hajiya. Lambar kati da lambobi ukun bayansa idan suka fita, ba sa dawowa.

Don haka ga yadda nake yanke hukunci. Idan karatu kawai zan yi, labari ne ko jadawali ko sanarwa, kuma matsalar ta kwanan wata ce, sunan ya yi daidai, ƙarewar ba ta daɗe ba, ina iya wucewa. Idan akwai abin da zan rubuta, kalmar sirri, lambar kati, BVN, NIN, lambar OTP da banki ke turowa, ba na wucewa ko wane iri ne gargaɗin. Haka idan zan sauke manhaja ko wani fayil da za a girka, domin wanda ya shiga tsakani zai iya musanya shi da nasa.

Me ya kawo taga ta sirri a ciki? Ai ba ka rubuta komai ba.

Saboda burauza na rubutawa a madadinka. Shafin da ka taɓa shiga da sunanka yana bar maka wata 'yar alama a burauza, ita ce ke sa ba ya tambayarka kalmar sirri kullum. Da zarar ka danna wucewa, burauza za ta miƙa wannan alamar ga ko wane ne ke can ƙarshen. Idan ɗan damfara ne, ya samu abin da zai shiga asusunka da shi ko da bai taɓa ganin kalmar sirrin ba. Tagar sirri tana farawa fanko, babu waɗannan alamun a cikinta. Ba ta gyara satifiket, ba ta kuma hana a ga abin da kake karantawa, wannan amfanin guda ɗaya kawai take yi a nan.

Akwai kuma wani abu. Idan ka wuce a taga ta yau da kullum, Chrome na riƙe wannan zaɓin na wasu kwanaki, ba za ta sake tare ka ba a shafin. Ranar da ka manta ka dawo da katinka a hannu, babu mai tsayar da kai.

Gargaɗin suna da na mai sa hannu fa, su ma sakaci ne?

Suna iya zama. Wani mai shafi ya karɓi satifiket na `example.com` ya manta da `www.example.com`, sai ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi. Ka gwada cire `www` ko ƙara shi. Wani kuma "Subject" zai nuna sunan kamfanin da ke ba shi masaukin shafi, alamar bai gama saiti ba. Amma idan ka nemi shafin bankinka ka ga wani suna da ba ka taɓa ji ba, ka rufe, ka bar wannan waifai ɗin.

Na `AUTHORITY` shi na fi ɗauka da nauyi, domin shi ne ainihin abin da za ka gani idan wani ya zauna a tsakani yana buga shaidar ƙarya. Kowa na iya ƙirƙirar satifiket mai sunan kowane banki cikin minti ɗaya a kwamfutarsa. Abin da ba zai iya ba shi ne samun sa hannun kamfanin da ke cikin jerin. Babban banki ko Gmail ba za su taɓa miƙo maka satifiket da suka sa wa kansu hannu ba.

Wuri ɗaya da na san wannan gargaɗin ba komai ba ne shi ne na'urar da ke gidanka ko shagonka: rauta, ko 'yar akwatin waifai ta aljihu, ko na'urar kyamarorin tsaro. Idan ka rubuta `192.168.0.1` ko `192.168.1.1` ko `192.168.8.1` don canja kalmar sirrin waifai, kana iya ganin gargaɗi, saboda kamfanonin nan ba sa ba da satifiket ga irin waɗannan adireshi na cikin gida. Na'urar taka ce, kana ganin ta a kan teburi, a kan waifai ɗinka kake, sai ka wuce.

Wayata tsohuwa ce. Shafin yana buɗewa a wayar ƙanena, a tawa yana ƙi.

Jerin amintattun kamfanonin da ke cikin wayarka ne ya tsufa. Su ma waɗannan manyan shaidun suna da ranar ƙarewa, kuma sababbi na shigowa ta hanyar sabunta manhajar waya. Ranar 30 ga Satumba 2021 wani tsohon tushe, wato ɗaya daga cikin waɗannan manyan shaidun, mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, wanda Let's Encrypt ta daɗe tana jingina da shi, sai tsofaffin kwamfutoci da wayoyi da yawa suka wayi gari suna ƙin shafukan da ba su da laifin komai. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba ba su san sabon tushen ba, mai suna ISRG Root X1. An yi musu wata dabara da ta ɗan ja musu lokaci, ita ma ta zo ƙarshe a 2024.

Irin waɗannan wayoyin suna nan da yawa a hannun 'yan uwanmu masu acaba da masu gadi da masu tura baro. Firefox na tafe da nata jerin, ba ta dogara da na waya ba, don haka idan wayar ta karɓe ta, shafuka da yawa za su buɗe. Amma wayar da ta kai wannan shekarun ta daina samun gyaran tsaro gaba ɗaya, kuma shawarata a bar ta ga kira da sauraron karatu, a nemi wata don harkar kuɗi.

Wannan ya bambanta da abin da wasu ke yi, na bin burauza ɗaya bayan ɗaya har a samu wadda ba ta yi magana ba. Idan sabuwar waya mai sabuwar Chrome ta yi gargaɗi, samun wata burauza da ta yi shiru bai wanke shafin ba.

Na danna "Advanced" ban ga wurin wucewa ba sam.

Shafin ne ya hana, tun da can. Akwai wani umarni mai suna HSTS da shafi ke ba burauza, ma'anarsa: duk ranar da kika ga shaidata ba daidai ba, kada ki bar kowa ya wuce. Google da Facebook da manyan shafuka da yawa suna amfani da shi. Za ka ga ana yawo da wasu dabarun tsallake shi a intanet. Kada ka bi. Ka duba agogo, ka canja daga waifai zuwa data, idan bai tafi ba ka jira.

"Not secure" da ke gefen adireshi fa, shi ma ɗaya ne?

Ɗan uwansa ne. Tun watan Yuli na 2018 Chrome ke rubuta wannan a kan duk shafin da ke amfani da `http` zalla, wato babu satifiket ko kaɗan, babu kulle. Duk abin da ka rubuta yana tafiya a buɗe. Karanta labari a irin wannan shafin ba laifi, cike fom ne ba a yi.

Jan allo gaba ɗaya mai cewa "Dangerous site" ko "Deceptive site ahead" kuwa wani abu ne daban, kuma ya fi tsanani. Wannan ba maganar shaida ba ce, an riga an san shafin da damfara ko raba mugun fayil. Babu dalilin wuce shi.

Idan babu gargaɗi kuma ga hoton kwaɗo a gefen adireshi, shafin na gaskiya ne ke nan?

Wannan kuskuren ya fi cin kuɗin mutanenmu fiye da duk gargaɗin da na lissafa. Satifiket na yau da kullum abu ɗaya yake tabbatarwa: wanda ke can shi ne mai wannan adireshin. Bai ce mutumin kirki ne ba. Ɗan damfara zai yi rajistar adireshi mai kama da na banki, ya ƙara harafi ɗaya ko ya liƙa wata kalma, ya karɓi satifiket na gaske kyauta cikin mintuna, kwaɗo ya fito masa kamar na kowa. Saƙonnin da ke yawo a zaurukan WhatsApp, na tallafin gwamnati da ɗaukar aiki da kyautar data, yawancinsu haka suke buɗewa salin-alin. Saboda wannan rashin fahimtar ne ma Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023, ta sa wata alama mai kama da maɓallan saiti.

Abin dubawa shi ne adireshin, daga dama. Ka nemi sanda mai karkata ta farko bayan sunan, ka karanta abin da ke gabanta ta hagu. A `banki.com.tallafi.example/shiga` mai shafin shi ne `tallafi.example`, kalmar banki ado ce kawai aka sa a gaba. Harkar banki kuwa a yi ta a manhajar bankin, ko a rubuta adireshin da hannu.

An ce in girka wani satifiket a wayata kafin waifai ya yi aiki. In yi?

Kada ka yi, sai dai idan wayar ko kwamfutar ta wurin aikinka ce kuma ma'aikatan da ke kula da na'urorin wurin ne suka sa da kansu. Girka satifiket irin wannan yana nufin ka ƙara mutum cikin jerin waɗanda burauzarka ke yarda da sa hannunsu. Daga ranar zai iya buga shaidar kowane shafi, burauza ta karɓa ba tare da ta ce uffan ba. Wanda ya sayi waya ta hannu yana da kyau ya duba: a "Settings" ya nemi "Trusted credentials", ya buɗe ɓangaren "User". A wayar mutum na yau da kullum wurin fanko ya kamata ya kasance.

Na riga na wuce, na kuma sa kalmar sirrina. Yanzu fa?

Ka bar waifai ɗin da kake kai, ka koma datar layinka ko wata na'ura da ka yarda da ita. Ka shiga shafin na gaskiya ka canja kalmar sirrin, ka nemi inda ake fitar da duk sauran na'urorin da ke cikin asusun ka danna. Idan kana amfani da wannan kalmar a wasu wurare, su ma ka canja, ka fara da imel, tunda ta nan ake sake saita sauran.

Idan lambar kati ce ka sa, kada ka jira ka ga ko za a cire kuɗi. Ka toshe katin a manhajar bankin, ko ka kira lambar da ke bayan katin, ko ka je reshe mafi kusa da katin shaidarka. Bayan haka ka sa ran kira: wani zai bugo da murya mai daɗi, wataƙila ma da Hausa, ya ce daga banki ne, sun ga matsala a asusunka, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Wannan lambar ita ce abu na ƙarshe da ya rage masa, kuma ma'aikacin banki ba ya tambayar ta. Ka kashe kiran, ka bugi lambar da ke bayan katinka da hannunka.